Sanarwar da ɗan haya zai karanta sau ɗaya ya san abin yi

Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san irin takardar nan. Ana liƙa ta a gindin matakala ko a turo ta ta ƙarƙashin ƙofa, da hatimi a sama, da sa hannu a ƙasa, a tsakiya kuma jimla guda ce mai tsawon gaske wadda numfashi ba ya kai mutum ƙarshenta. Ɗan haya ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya je ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa ƙofa yana tambaya: “Wai me suke nufi? Tashinmu za a yi?” Sau da yawa ba tashin kowa za a yi ba, famfo za a gyara. Amma kafin a gane haka, hankalin mutane ya riga ya tashi, wasu ma sun kwana ba su runtsa ba.

Ra'ayina shi ne mai gida, ko wakilinsa, bai sauke nauyin sanarwa ba har sai wanda aka rubuta wa ya fahimci abin da za a yi da abin da ake so ya yi. Ina kuma ganin cewa mayar da irin wannan takarda zuwa magana mai sauƙi ya wuce sauya manyan kalmomi da ƙanana. Galibi harshe mai nauyi yana rufe wasu abubuwa ne da marubucin bai yanke shawara a kansu ba, ko bai so ya faɗa ba. Wanda ya zauna zai sauƙaƙa takardar, dole ya tono waɗannan abubuwa ya sa a yanke su, kuma a nan mafi yawan aikin yake.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce gini ne mai hawa uku, kowane hawa da sashe takwas, wato iyali 24 ke nan. Bututun ruwan ginin ya tsufa yana yoyo a cikin bango, za a sauya shi. Ofishin da ke kula da ginin ya fitar da wannan sanarwa:

“Ana sanar da ɗaukacin mazauna wannan gini cewa, bisa tanadin sharaɗi na 9 na yarjejeniyar haya, da kuma la'akari da buƙatar gudanar da wasu muhimman ayyuka da suka shafi harkar samar da ruwa, za a samu katsewar wasu hidimomi na wani lokaci daga ranar 14 ga wata, a kan haka ake umartar duk wanda abin ya shafa da ya tabbatar da bayar da damar shiga ga jami'an da aka ba izini a lokutan da suka dace, tare da gabatar da duk wani uzuri a rubuce cikin kwana bakwai daga ranar wannan sanarwa, kasancewar rashin yin hakan ka iya janyo ɗaukar matakin da ya dace ba tare da wata sanarwa ba, kuma hukumar gudanarwa ba za ta ɗauki alhakin duk wata asara da ka iya biyo baya ba. Sa hannu: Hukumar Gudanarwa.”

Babu kalmar da ta gagari mai karatu a ciki. Kowa ya san ma'anar “hidimomi” da “mataki” da “uzuri”. Duk da haka, uwar da ke da jariri a hawa na biyu ba za ta iya fitar da abu ɗaya mai amfani daga takardar ba, in ban da ranar 14. Ba ta san ko ruwa ne kaɗai za a ɗauke ko har da wuta ba, tun da an ce “wasu hidimomi”. Ba ta san ko awa biyu ne ko mako biyu ba. Ba ta san wanda zai shigo mata gida ba, balle ta san ranar da zai zo. Abin da ta fahimta sarai guda biyu ne: za a iya hukunta ta, kuma idan kayanta suka lalace babu ruwan kowa. Wato ɓangaren barazana ne kawai ya fito fili, ɓangaren bayani kuwa ya nutse.

Saboda haka matakin farko na gyara ba a kan takardar ake yin sa ba. A ajiye ta gefe, a ɗauki wata farar takarda, a rubuta tambayoyin da mazaunin gidan zai yi da a ce manajan ne tsaye a gabansa. Me za a yi? Yaushe, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? Za a shigo sashena? Wa zai shigo, kuma yaya zan gane shi? Me zan tanada? Idan ba na gida fa? Idan aka fasa mini wani abu, wa zan nema? Sai a ɗauki waɗannan tambayoyi a kai wa wanda ya ba da umarnin rubuta sanarwar.

A nan ake ganin abin da na faɗa ɗazu. Za ka tambayi manaja, “Lokutan da suka dace ɗin nan, waɗanne lokuta ne?” Sai ya ce ai bai riga ya yi magana da mai gyaran famfon a kan jadawali ba. Ka tambaye shi, “Matakin da ya dace fa, wane mataki ne?” Sai ya ce shi ma haka ya tarar da jimlar a tsohuwar sanarwar da ya kwafa. Ka ga ashe “da suka dace” gurbi ne da aka bari babu komai a ciki, aka lulluɓe shi da kalma mai kama da ta hukuma. Ba ha'inci ne ya kawo haka ba a mafi yawan lokuta. Gaggawa ce da al'adar kwafar tsohuwar takarda. Amma sakamakon ɗaya ne ga mai karatu: aikin tunanin da ofis bai yi ba ya koma kan iyali 24, kowanne yana hasashen nasa.

To, a ce an matsa, manaja ya kira mai gyara, an samu amsoshi. Aikin kwana uku ne, kowace rana hawa ɗaya: Talata 14 hawa na ƙasa, Laraba 15 na tsakiya, Alhamis 16 na sama. Ruwa zai ɗauke a ginin gaba ɗaya daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na rana a dukkan ranakun uku, domin babban bututun ɗaya ne. Wannan batu yana da muhimmanci, don mai zama a hawa na sama zai iya ɗauka cewa ranar Alhamis kaɗai abin ya shafe shi. Wuta ba za a taɓa ta ba. Ma'aikata biyu ne za su shiga kowane sashe, kicin da banɗaki kawai, na kamar minti 40. Suna bukatar a kwashe kayan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Bayan an dawo da ruwa zai iya fitowa da ɗan launi na 'yan mintoci, sai a bar famfo a buɗe har ya washe. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai fito a sanarwar farko ba, alhali su ne sanarwar.

Sai batun wa'adi, wanda nake ganin ya fi kowane ɓangare jawo rigima. “Cikin kwana bakwai daga ranar wannan sanarwa” jimla ce da ake ganin kamar ta ƙayyade lokaci, amma ba ta ƙayyade ba. A ce an buga takardar ranar Juma'a 3 ga wata, kwanan watan da ke samanta ke nan, amma ba a liƙa ta ba sai Litinin 6 ga wata. Ofis zai ƙirga daga 3, ya ce wa'adi ya cika ranar 10. Ɗan haya zai ƙirga daga ranar da ya gan ta, ya ce yana da lokaci har 13. Wani kuma zai ce ai kwanakin aiki ake nufi, ban da Asabar da Lahadi, lissafinsa ya kai shi 14, ranar da ma'aikata suka riga suka iso da kayan aikinsu. Mutum uku, amsa uku, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Maganin abu ne mai sauƙi: marubuci ya yi lissafin da kansa, ya rubuta sunan rana da kwanan wata da lokaci. “Kafin ƙarfe 4 na yamma, ranar Juma'a 10 ga wata.” A haɗa sunan ranar da lambarta, domin idan aka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona shi tun kafin a liƙa takardar.

Yanzu barazanar. Akwai masu ganin cewa sanarwa mai ladabi ita ce wadda aka cire mata duk wani zancen abin da zai biyo baya. Ban yarda da su ba. Idan da gaske akwai abin da zai faru ga wanda bai buɗe ƙofa ba, ɓoye masa shi zalunci ne, ko da da murmushi aka ɓoye. Abin da ya kamata shi ne a tambaya: mene ne ainihin abin da zai faru? A misalinmu, amsar ita ce ba za a iya haɗa sashen da sabon bututu ba, don haka zai zauna babu ruwa har sai an sake sa rana da mai gyara. Wannan gaskiya ce, kuma ta fi “matakin da ya dace” sa mutum ya tsaya a gida, saboda ya ga dalilin da idonsa. Idan kuwa aka bincika aka ga babu wani mataki da ofis ke da niyya ko ikon ɗauka, to jimlar ta fita gaba ɗaya. Tsoratar da mutum da abin da ba za ka yi ba yana zubar da ƙimar duk sanarwar da za ka fitar nan gaba, har da wadda take da gaske.

Jimlar ƙarshe, ta “ba za ta ɗauki alhakin duk wata asara ba”, ita ce ta fi damuna. Na farko, sanarwar da aka liƙa a bango ba ta sauya yarjejeniyar da ɓangarori biyu suka sa wa hannu; wanda alhaki ke kansa a yarjejeniya da dokar wurin, yana nan a kansa. Na biyu, tana koya wa ɗan haya cewa kada ma ya kawo ƙara, alhali ofis ɗin da kansa yana bukatar ya ji da wuri idan wata mahaɗa tana ɗiga, kafin ruwa ya sauka a rufin na ƙasa. Abin da ya dace a gurbinta shi ne a faɗa wa mutum abin da zai yi don kare kayansa, da wanda zai kira idan an samu ɓarna.

Ga yadda takardar za ta iya komawa:

“Za a ɗauke ruwa a sauya bututu: Talata 14 zuwa Alhamis 16 ga wata

Zuwa ga mazauna ginin nan, barkanku da war haka.

Za mu sauya tsohon bututun ruwa saboda yana yoyo a cikin bango. Ba za a samu ruwa a ginin gaba ɗaya ba daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na rana, ranakun Talata 14, Laraba 15 da Alhamis 16 ga wata. Da yamma da dare akwai ruwa. Aikin bai shafi wuta ba.

Ma'aikata biyu za su shiga kicin da banɗakin kowane sashe na kamar minti 40, tare da ma'aikacin ofishinmu, kuma za su nuna muku katin shaida. Hawa na ƙasa ranar Talata, na tsakiya ranar Laraba, na sama ranar Alhamis.

Muna roƙonku abu uku: ku tari ruwan da zai ishe ku kafin ƙarfe 9 na kowace rana, ku kwashe kayan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma a samu babba a gida ranar hawanku.

Idan ranar ba ta yi muku ba, ku sanar da mu kafin ƙarfe 4 na yamma ranar Juma'a 10 ga wata, ta waya ko a ofis, mu sa muku wani lokaci a cikin kwanakin uku. Sashen da ba a samu shiga ba, zai zauna babu ruwa har sai mai gyara ya sake dawowa.

Idan ruwa ya dawo da ɗan launi, ku bar famfo a buɗe na 'yan mintoci. Idan kun ga ɗiga ko wani abu ya lalace, ku kira mu nan take.

Mun san rashin ruwa na awa shida takura ce, musamman ga masu ƙananan yara da marasa lafiya. Duk mai bukata ta musamman ya yi mana magana tun yanzu. Mun gode.

Sharaɗi na 9 na yarjejeniyar hayarku ne ya yi maganar shiga don gyara.”

A ƙasa sai sunan manaja, da lambar wayar da ake ɗagawa, da lokutan da ofis ke buɗe.

Wannan ta fi ta farko tsawo, kuma hakan bai dame ni ba. Mutane da yawa suna ɗauka sauƙaƙa rubutu yana nufin gajarta shi, sai su yanke har abin da mai karatu ke nema. Ma'aunin da nake bi shi ne yawan tambayoyin da suka rage wa mutum bayan ya gama karantawa.

Dubi yadda aka jera ta. Kanun takardar shi kaɗai ya isar da rabin saƙon, domin mai wucewa da kaya a hannu kanu kawai zai gani. Sharaɗi na 9, wanda ya buɗe tsohuwar sanarwar, ya koma can ƙasa. Ba a jefar da shi ba, don wani zai so ya duba, amma fara magana da ambaton ikonka a kan mutum kafin ka faɗa masa abin da kake so, kamar ka shiga gidansa ne da sanda a hannu kana cewa aron tsintsiya ka zo. Sannan ko'ina an san mai yi da wanda ake yi wa: “za mu sauya”, “ku sanar da mu”. Tsohuwar takardar cike take da “ana”, “za a”, “ake”, har mutum ya rasa wanda zai tunkara. Inda aka bar “za a” a sabuwar, wuri ne da sanin mai aikin bai ƙara komai ba.

Game da girmamawa kuwa, ina ganin ana yawan neman ta a inda ba ta. Wasu idan aka ce su sa ladabi, sai su cika sakin layi na farko da gaisuwa da fatan alheri da yabon haƙurin mazauna, har ranar ɗauke ruwa ta faɗa layi na goma sha biyu. Wasu kuma su tausasa magana har ta narke: “za mu so a ce da hali a samu wani a gida.” Mai karanta wannan zai ɗauka zaɓi ne, ya fita harkarsa, ya dawo ya tarar babu ruwa a sashensa, kuma yana da gaskiya idan ya ce ba a gaya masa ba. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar, godiya ma haka. Sauran girmamawar tana cikin abubuwan da aka yi masa: an ba shi dalili, an ba shi lokacin shiri, an buɗe masa ƙofar cewa ranar ba ta yi masa ba, an ambaci takurar da sunanta, kuma mutum mai suna ne ya sa hannu. “Hukumar Gudanarwa” ba ta ɗaga waya. Har ila yau an cire sharaɗin kawo uzuri “a rubuce”, domin babu abin da ofis zai rasa idan tsoho ya kira ta waya ma'aikaci ya rubuta a littafi. Kalmar “uzuri” ma an sauke ta, tun da wanda ke wurin aikinsa ranar Laraba bai yi laifin da zai ba da uzuri ba.

Kafin a liƙa, a gwada. A ba wani da bai san komai game da aikin ba, ya karanta sau ɗaya, a karɓe takardar, a tambaye shi: yaushe ne babu ruwa, wace rana za a shigo maka idan kana hawa na tsakiya, me za ka yi idan ba ka nan? Kada a tambaye shi “ka gane?”, domin kowa zai ce ya gane. Inda ya yi tuntuɓe, nan ne za a gyara. Bayan an liƙa kuma, wayar ofis za ta ba da labari: idan mutum biyar suka kira da tambaya iri ɗaya, amsar ba ta cikin takardar, ko tana ciki a inda ido ba ya kaiwa. A tuna kuma cewa a gidaje da yawa yaro ne zai karanta wa iyayensa, ko wani ya ɗauki hoton takardar ya tura wa mai sashen yana wurin aiki. Jimla mai rassa biyar ba ta tsira daga irin wannan tafiya. Idan a ginin akwai masu wani harshe, a fassara musu, amma sai bayan an sauƙaƙa, domin fassarar rubutu mai duhu duhu take ƙarawa.

Wannan tunani ba sabo ba ne, kuma ba ra'ayin masu taushin zuciya kaɗai ba ne. Tun 1978 jihar New York ta Amurka take aiki da dokar da ta wajabta a rubuta yarjejeniyar hayar gidan zama a fayyace, da kalmomin da aka saba da su yau da kullum, a kuma rarraba ta da kanun da suka dace. A 2023 hukumar tsara ma'aunai ta duniya ta fitar da ma'auni mai lamba ISO 24495-1 a kan rubutu mai sauƙi, wanda ya tsaya a kan abu huɗu: mai karatu ya samu abin da yake bukata, ya iya gano inda yake, ya fahimce shi, ya kuma iya aiki da shi. Abin lura a nan shi ne duka huɗun a kan mai karatu aka auna su, babu wanda aka auna da tsawon kalma.

Akwai hujjar da masu kare tsohon salo suke kawowa, kuma ba zan yi kamar ba ta da ƙarfi ba. Suna cewa wannan harshe ya daɗe ana gwada shi a kotu, idan ka taɓa shi za ka iya ɓata sanarwar. A kan sanarwar gyaran famfo, wannan tsoro ba shi da tushe sosai. Abin da doka ta fi kula da shi a irin wannan shi ne ko an ba da sanarwa da isasshen lokaci kafin a shiga wa mutum gida. A Ingila, alal misali, dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ce mai gida ya ba da sanarwar awa 24 a rubuce kafin ya shiga duba lafiyar gidan, kuma a lokacin da ya dace na yini. Sanarwar da ta faɗi rana da awa ta fi cika irin wannan sharaɗi a kan wadda ta bar su a buɗe. Kuma kotuna a ƙasashe da dama suna da ƙa'idar cewa idan sharaɗi ya ɗauki ma'ana biyu, ana fassara shi ne ta yadda ba zai amfani wanda ya tsara shi ba. Duhun magana ba garkuwa ba ce ga mai gida kamar yadda ake zato.

Amma akwai sanarwar da hujjarsu take da gaskiya a kanta: ta tashi daga gida, ta ƙarin kuɗin haya, ta kawo ƙarshen yarjejeniya. A wurare da yawa doka ko yarjejeniyar kanta ta ƙayyade tsawon wa'adi, da hanyar miƙa takardar, wani lokaci har da fom na musamman da kalmomin da dole su fito. Wata shari'a da Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke a 1997 tsakanin kamfanin Mannai Investment da Eagle Star ta nuna ɓangarorin biyu a lokaci guda. Kamfanin da ke haya a Landan ya ba da sanarwar zai kawo ƙarshen hayarsa, sai ya rubuta 12 ga Janairu 1995 a maimakon 13 ga Janairu. Kuskuren kwana ɗaya ya kai su har kotun ƙoli. Alƙalai uku cikin biyar suka ce sanarwar ta inganta, domin duk mai hankalin da ya karɓe ta, yana sane da yarjejeniyar, ba zai yi shakkar abin da ake nufi ba. Wato abin da mai karɓa zai fahimta shi ne ma'auni. Amma a cikin hukuncin, ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, ya yi gargaɗin cewa da yarjejeniyar ta ce sai a kan shuɗiyar takarda za a ba da sanarwa, to bayar da ita a kan takarda mai wani launi ba zai yi ba, komai fitowar manufar fili.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne a raba abu biyu tun kafin a fara gyara. Akwai abin da doka ko yarjejeniya ta ce dole ya kasance: wa'adi, kwanan wata, sunayen ɓangarori, adireshin gidan, hanyar isarwa, da duk jimlar da aka wajabta. Waɗannan a ja musu layi, kada a taɓa su sai da lauya. Sauran duka, wanda galibi shi ne mafi yawan takardar, al'ada ce kawai, ana iya sauƙaƙa shi. Hanyar gane bambancin ita ce a tambayi lauyan a kan kowace jimla, “Wace doka ko wane sharaɗi ne ya ce a sa wannan?” Wadda ya nuna mata tushe ta zauna yadda take. Wadda ya ce “haka dai ake rubutawa”, ta shiga hannun mai gyara.

Idan kuma fom ne da ba a yarda a sauya ko harafi ba, sai a haɗa shi da wasiƙa mai shafi ɗaya a sama, wadda za ta ce ga abin da takardar da ke biye take nufi, ga ranar da abin zai fara aiki, ga wanda za ku yi wa magana, kuma kuna da damar neman shawarar lauya ko wata ƙungiya mai taimakon 'yan haya. Sai a kula ƙwarai kada wasiƙar ta saɓa wa fom ɗin ko da a kwana ɗaya, a kuma faɗa a cikinta cewa fom ɗin ne takardar da doka ta sani. Wasu masu gidaje ba sa son layin nan na neman shawara, suna ganin kamar sun nuna wa abokin hamayya hanya. Ni kuwa ina ganin mutumin da za a ce ya bar inda 'ya'yansa ke kwana ya cancanci ya san ranar, ya san dalilin idan akwai, ya kuma san inda zai kai kukansa, kuma ya ji su daga bakin wanda ya aiko masa da takardar. A irin wannan wasiƙa kada a yi wasa da tausasawa: idan an ce a tashi ranar 30 ga wata, a rubuta haka a layin farko, ban haƙurin ya biyo baya.